Fuskar Yaro Ajiya Ce

A cikin kalmomin da Hausa ta tanadar wa hoto, babu wadda ta kai “ɗauka” faɗin gaskiya. Ana ɗaukar hoto kamar yadda ake ɗaukar tulu ko tabarma, kuma ba a ɗaukar abu sai an tarar da shi. Wanda ya ce an ɗauke shi hoto a ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ya faɗi magana biyu a numfashi ɗaya: akwai ƙofar, kuma ya tsaya a gabanta. Shi ya sa hoto ya zama shaida a wurinmu. Da shi ake tantance ɗalibi a ɗakin jarrabawa, da shi ake cigiyar yaron da ya ɓata, shi ake aika wa dangi na nesa su ga amaryar da ba su sami halartar bikinta ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka shigo wayoyinmu a 'yan shekarun nan ba ɗauka suke yi ba, ƙagawa suke yi. Ka ba su fuskar mutum, su dawo maka da shi tsaye a inda bai taɓa zuwa ba, sanye da abin da bai taɓa sawa ba, kuma abin ya fito da kamannin shaida sak. Tambayar da nake son bi ita ce: idan fuskar ta yaro ce, wa ke da ikon bayar da ita?

Ba ni na fara yin tambayar ba. Bayan na gama digiri, na yi shekara guda ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta a cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, irin waɗanda ake samu a lungunan Samaru da Hanwa da Palladan, gidan haya da aka mayar azuzuwa shida da ofis guda. A zango na uku wani uba ya aiko wa hedimasta wasiƙa, rubutun hannu a takardar da aka yago daga littafin rubutu. Hedimasta ya karanta mana ita a ɗakin malamai, na kuma nemi izni na kwafe ta. Ga abin da ta ce:

“Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan Malam yana lafiya, ya ɗawainiya da yara? Allah ya saka da alheri. Bayan haka, na ga allon tallan da aka kafa a bakin titi. Na ga an sa 'yata, amma wadda na gani ba ita ba ce, ko da yake fuskarta ce. Ban hana a ɗauke ta hoto don katin makaranta ko rajistar jarrabawa ko hoton aji ba. Roƙona shi ne kada a ƙara sa hotonta, ko na wani yaro a makarantar nan, a manhajar da ke ƙirƙirar hoto, ko don talla, ko don kalanda, ko don wasa, yanzu ko bayan ta gama. Ni mai gyaran waya ne, na san abin da ya shiga ba ya fita. Ko an tambaye ni ba ni da ikon ba da wannan iznin, don fuskar ba tawa ba ce, ajiya aka ba ni. Na gode, Malam ya huta lafiya.”

Ga yadda allon ya samu. A ranar ba da kyaututtuka an ɗauki yara uku da suka zo na ɗaya a azuzuwansu, kowa riƙe da littattafan rubutu a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Bayansu akwai bango mai ɓarɓashin fenti da duron ruwa. Da lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya ƙarato, aka tura hoton ta WhatsApp ga wani mai buga alluna a kusa da kasuwar Sabon Gari. Ya duba, ya ce wannan bangon ba zai jawo kowa ba. Sai ya ɗora hoton a manhaja, ya rubuta mata layi biyu, cewa a sa yaran nan a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na zamani, da fararen riguna. Kafin shayinsa ya huce aiki ya fito. Ga yara uku a tsakanin kwalabe masu launi da madubin duba ƙwayoyin cuta, ga haske ta ko'ina. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, ko kwalba ɗaya ba ta da ita. Yarinyar da ke tsakiya, 'yar aji biyar mai shekara goma, tana da wushirya. A allon haƙoranta sun haɗe. Tana da ɗan tabo a goshi tun faɗuwar da ta yi tana ƙarama, ya ɓace. Fatarta ta yi haske. Harufan bajon da ke ƙirjinta sun rikiɗe zuwa wani rubutu da ba na kowane harshe ba, yatsun yaron da ke damanta biyu sun manne. Duk da haka, wanda ya san ta ko daga kan babur ya hango zai ce ga wance.

Yawancin malamai sun ɗauki wasiƙar a matsayin tsaurin ra'ayi. Wata malama ta ce da 'yarta aka sa, da goro za ta raba. Wani ya ce mutumin nan shi kansa yana sa hoton 'ya'yansa a wayarsa ranar sallah kowa ya gani. Hedimasta, wanda mutum ne mai natsuwa, ya ce abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne “yanzu ko bayan ta gama”. Wane irin alkawari ne marar iyaka? Ni kuwa ina ganin wannan gaɓar ce mafi ƙarfi a wasiƙar, kuma don a ga dalili sai an fahimci abin da ke faruwa da hoto idan ya shiga irin wannan manhaja.

Mutane da yawa suna zaton yanka fuskar take yi ta liƙa a wani wuri, kamar yadda ake yi da almakashi da gam. Ba haka take aiki ba. Hoton yakan bar wayar ya tafi manyan na'urorin kamfani a wata ƙasa. A can sai a sake zana komai daga farko, ɗigo bayan ɗigo, ana bin abu biyu: hoton da aka bayar, da kuma abin da na'urar ta koya daga miliyoyin hotunan da aka horar da ita da su. Duk inda hoton asali ya yi dishi-dishi, kamar yadda wanda ya bi ta WhatsApp yakan yi saboda matse shi da ake yi, sai ta cike gurbin da abin da ta fi sabawa da gani. Ba wanda ya umarce ta ta toshe wushirya. Ta dai ga haƙoran talla masu yawa a jere ba rata, sai ta ja yarinyar zuwa can. Abin da mawaƙanmu ke yabo a bakin budurwa, ita a lissafinta kuskure ne da ya kamata a gyara.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan zurfi. A shekarar 2022 wasu masu bincike na kamfanin Google suka wallafa wata dabara mai suna DreamBooth, suka nuna cewa hotuna uku zuwa biyar na abu guda sun isa a koya wa na'ura shi, ta riƙa fito da shi a kowane yanayi aka buƙata. Hotuna biyar na yaro ɗaya ba abin wahala ba ne. Shafin Facebook na kowace makaranta mai son talla ya tara fiye da haka a zango guda. Kuma ba sai makaranta ta miƙa da hannunta ba. Akwai wani rumbu mai suna LAION-5B, wanda wata ƙungiya a Jamus ta haɗa ta hanyar tsince adireshin hotuna da bayanansu daga intanet, kimanin biliyan 5.85, aka horar da sanannun manhajojin ƙaga hoto da shi. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta duba wani ɗan mitsitsin yanki na rumbun ta sami hotuna 170 na yaran Brazil, a watan Yuli kuma ta sami 190 na yaran Ostareliya, wasu da sunayen yaran, wasu kuma makarantu ne suka fara ɗora su. Masu rumbun sun cire abin da aka nuna musu. Amma cire hoto daga rumbu bai cire shi daga na'urar da ta riga ta koya daga gare shi ba, kamar yadda ba a tsame gishiri daga miyar da ta dahu. Mai gyaran waya bai karanta wannan rahoto ba. Sana'arsa ce ta koya masa cewa hoton da mai shi ya rantse ya goge yakan dawo.

Hujjar da ta fi ba ni aiki ita ce ta wani dattijon malami da ke koyar da lissafi. Ya ce wannan ba sabon abu ba ne, tun tale-tale hoto ado ne. Duk wanda ya taso a Sabon Gari ya san shagunan masu hoto da labulensu mai zanen bene ko jirgin sama, da furen roba, da wayar tarho da ba ta haɗe da komai. Kuma ba mu kaɗai ba: Seydou Keïta, mashahurin mai hoton Bamako, yana ajiye agogo da rediyo da babur a shagonsa don masu zuwa su ara su tsaya da su. Ya ce to mene ne bambancin rediyon aro da ɗakin gwajin aro?

Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya shiga shagon hoto ya zaɓi labule da kansa, ya ɗauki rediyon da hannunsa, ya gyara hula, ya tsaya. Yana cikin wasan, kuma duk mai kallo ya san wasa ne, don labule ba ya ɓoye cewa labule ne. Hoton ma gaskiya ya faɗa: ran nan wane ya tsaya gaban zanen bene. Yarinyar allo ba ta zaɓi farar riga ba, ba ta tsaya ba, ba ta ma san an yi ba sai da ƙawayenta suka fara kiran ta “Dakta”. Kuma allon ba a yi shi don a gane wasa ne ba. Amfaninsa duka ya dogara ne a kan uban da zai wuce, ya gani, ya gaskata, ya cire kuɗin da ya tara ya kawo ɗansa. Wannan ne ya fi damuna. An sa yarinya 'yar shekara goma ta ba da shaidar zur da fuskarta. A aji muna koya mata cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, a bakin titi kuma ga ta tana murmushi tana tabbatar wa mutanen gari abin da babu. Idan wani uba ya shigo ya nemi a nuna masa ɗakin gwaji aka yi ta kame-kame, fuskar wa zai tuna?

Sai kuma abin da allon ya faɗa wa ita kanta yarinyar, wanda ba za ta iya furtawa ba tukuna. Kullum da safe takan wuce ta gaban wata da ta fi ta haske, marar tabo, marar wushirya, wadda makarantarta ta ga ta fi dacewa a nuna wa duniya. A ƙasar da mayukan sauya launin fata suka cika kantuna, ba na jin wannan darasi ne da ya kamata firamare ta ƙara a manhajar karatunta.

Yanzu ga kalmar “ajiya”. Mun saba ɗaukar iznin iyaye kamar mabuɗi: idan uba ya sa hannu, ƙofa ta buɗe, magana ta ƙare. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta tsaya a kan wannan mabuɗin. Sashe na 31 ya wajabta neman iznin uba ko uwa ko mariƙi kafin a sarrafa bayanan yaro. Ya yi rangwame ga abin da ya shafi karatu ko lafiya a hannun ma'aikacin da ke da nauyin riƙe sirri, kuma katin shaida da rajistar jarrabawa suna iya shiga nan, amma allon neman kasuwa ba karatu ba ne. Dokar ta kuma ce shiru ba izni ba ne, ta ce mutum yana da damar janye izninsa duk lokacin da ya so. A kan wannan ma'auni kaɗai makarantar ta gaza, tunda ba ta tambayi kowa ba. Amma wasiƙar ta wuce dokar da taki guda. Mutumin bai ce “ba ku tambaye ni ba”. Cewa ya yi ko an tambaye shi ba shi da ikon amsawa.

Ina ganin ya yi gaskiya, kuma al'adarmu ta riga ta san dalilin. Wanda aka ba riƙon dukiyar yaro ƙarami yana da ikon tsare ta, da juya ta don amfanin yaron, da ciyar da shi daga cikinta gwargwadon buƙata. Abin da malaman fiƙihu ba su ba shi ba shi ne ya yi kyauta da ita. Ikonsa na tsarewa ne har mai abu ya kai munzalin karɓa. Saboda haka “a'a” da “i” na mariƙi ba nauyinsu ɗaya ba. Idan ya ce a'a, ya bar wa yaron zaɓinsa cikakke. Ranar da yarinyar nan ta cika shekara 18, idan ta ga dama ta ba kowace manhaja fuskarta, ba abin da ta rasa don an jinkirta. Idan kuwa ya ce i a kan abin da ba ya dawowa, ya kashe zaɓin tun kafin mai shi ta san tana da shi. Damar janye izni da doka ta tanada tana aiki a kan fayil da ke cikin durowa ko kwamfutar ofis, wanda za a iya yagawa ko gogewa. A kan na'urar da ta riga ta koya, damar ta zama takarda kawai. Iznin da ba a iya janyewa kyauta ce, kuma fuskar yaro ba ta cikin abin da mariƙi ke kyauta da shi. Nan ne “yanzu ko bayan ta gama” ya sami ma'anarsa. Hedimasta ya ji kamar an nemi ya yi alkawari marar iyaka, alhali an nemi ne ya daidaita tsawon alkawarin da tsawon abin da ake tsoro.

Wannan ma'auni ya kuma amsa zargin cewa uban yana sa hoton 'ya'yansa a wayarsa. Wataƙila yana yi, wataƙila kuma ya kamata ya rage. Amma wanda ya bar ƙofar gidansa a buɗe bai ba maƙwabci iznin kwashe kayan ɗaki ba. Makaranta kuma ba maƙwabciya ba ce kawai. Yaro ba ya iya ce wa malaminsa a'a. Idan aka ce “ku uku ku zo ku tsaya”, zuwa za su yi suna murna. Wurin da ba a iya ƙin umarninsa shi ya fi cancanta ya taƙaita abin da yake umarta.

Da gangan na jinkirta maganar da kowa ke fara kawowa, wato hotunan batsa na ƙarya, domin ba na son a ɗauka cewa idan babu wannan haɗarin to babu laifi. Amma haɗarin yana nan. A watan Satumba na 2023, a garin Almendralejo na ƙasar Sifaniya, 'yan mata fiye da ashirin suka koma makaranta bayan hutu suka tarar ana yawo da hotunansu tsirara. Ba wadda ta taɓa ɗaukar irin wannan hoto. An samo hotunansu ne na yau da kullum, sanye da tufafi, aka bi da su ta manhaja, kuma yara 'yan'uwansu ne suka yi. A watan Yuli na 2024 kotu ta yanke wa yara goma sha biyar hukuncin shekara guda ƙarƙashin sa ido. A can iyaye mata sun haɗa kai, sun fito fili, sun ce wa 'ya'yansu ba ku da laifi. Ina tambayar kaina yadda abin zai kasance a nan. Mun ga abin da bidiyon waya guda ɗaya ya yi a Kano a 2007, lokacin da wayoyin ma ba su kai na yanzu ba: ya kori wata 'yar fim daga idon jama'a, ya jawo aka dakatar da shirya finafinai na watanni. A garin da ake bincike kafin aure, inda “an ce” kan rushe baiko, hoton ƙarya ba ya buƙatar kowa ya gaskata shi gaba ɗaya. Ya isa a ce an taɓa ganin wani abu. Kuma alamomin da muka gane allon makarantarmu da su, yatsun da suka manne da harufan da suka rikice, suna raguwa a kowane sabon zubi na manhajojin. Mai dogaro da ƙirga yatsu don kare 'yarsa ya jingina da zana.

Akwai wata hujja daga ɓangaren masu ilmin abin, kuma ba ta da rauni. Sukan ce dalilin da ya sa na'ura ta toshe wushirya ta haskaka fata shi ne ba ta ga irinmu da yawa ba. Idan kowa ya ɓoye fuskar ɗansa, za ta ci gaba da jahiltar mu. Suna da madogara. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin manyan kamfanoni uku masu tantance jinsi daga fuska, suka tarar kuskurensu a kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, a kan maza masu hasken fata kuwa bai wuce kashi 0.8 ba. Giɓin gaskiya ne. Amma a duba inda waɗannan masu bincike suka samo fuskokin da suka yi gwajin da su: 'yan majalisun dokoki na Ruwanda da Senegal da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe uku na arewacin Turai. Manya ne da suka nemi kujerar jama'a da ƙafarsu, hotunansu kuma na hukuma ne. Idan na'ura tana buƙatar ta san fuskar Bazazzagi, akwai manya da za a tambaya, a yi musu bayani, a biya su idan ta kama. Gyaran jahilcin kamfanin da ke wata nahiya ba aikin 'yar aji biyar ba ne.

Inda na ga wasiƙar ta yi tsayin da za a iya ja da ita shi ne “ko na wani yaro”. Da wane iko uba ɗaya zai yi magana da yawun iyaye ɗari? Malamar da ta ce za ta raba goro tana da nata ra'ayin, kuma ba wanda ya naɗa mai gyaran waya wakilinta. Na daɗe ina juya wannan. Abin da ya rinjaye ni shi ne yadda hoton makaranta yake a zahiri. Da wuya a ga yaro shi kaɗai. Hoton aji mutum talatin ne, na fareti ya fi haka, kuma manhaja ba ta karɓar rabin hoto. Idan ya shiga, da kowa ya shiga. Makarantar da malami ɗaya ke riƙe da rajista da kuɗin makaranta da shafin Facebook ba za ta iya tuna cewa na uku daga hagu a layin baya ubansa ya ƙi ba. Ƙa'idar da za ta yi aiki a irin wannan wuri sai wadda ba ta buƙatar tunawa. Ban da haka, idan hujjar ajiya ta tsaya, ta tsaya a kan kowane yaro, har da 'yar mai raba goro. Abin da za a rasa kaɗan ne: allo mai ƙyalli. Makaranta na iya ɗaukar ajinta yadda yake, ko ta sa a zana mata yaran da ba kowa ba. Garin da ya fitar da ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, wanda har yau jami'arsa ke yaye masu zane duk shekara, bai rasa mai riƙe burushi ba.

Hedimasta ya kira uban bayan kwana biyu, ina ofis ina cike rajista. Ya ce masa, “Malam, na ji maganarka, amma ka san ba zan iya tsare duniya ba. Ranar yaye ɗalibai iyaye ɗari ne ke ɗaga waya.” Shi kuma ya ce, “Ranka ya daɗe, ban ce ka tsare duniya ba. Hannunka na ce ka tsare.” A nan suka rabe abin da makaranta ke iyawa da wanda ba ta iyawa, kuma rabon ya fi abin da na zata kyau. An sauke allon. An rubuta wa mai bugawa ya goge hoton daga wayarsa da kwamfutarsa da asusunsa na manhajar, ko da yake kowa a ɗakin ya san wannan bai kai ga abin da ke hannun kamfanin ba. An raba takardar shiga makaranta gida biyu, iznin hoton kati da jarrabawa daban, iznin sa hoto a shafin makaranta daban, aka kuma ƙara layi guda cewa makaranta da duk wanda ta ba aiki ba za su ɗora hoton ɗalibi a manhajar ƙirƙirar hoto ba. Wannan layin ba shi da gurbin sa hannu, domin ba a bar shi a matsayin abin da uba zai iya yafewa ba. An cire sunayen yara daga ƙarƙashin hotunan da ke shafin, aka sauke na kusa-kusa da fuska ta cika su.

Abin da ya gagara shi ne tsofaffin hotuna. Shafin ya yi shekara shida yana tara su, an yi ta turawa daga waya zuwa waya, kuma wasu yaran da ke ciki sun riga sun shiga sakandare a Kaduna da Funtuwa, iyayensu ba su san an yi wata wasiƙa ba. Hedimasta ya ce a nemo lambobin da za a iya samu daga tsohuwar rajista. Muka sami kaɗan, yawancinsu kuma a kashe.